Rubuta lambobi da kalmomi a Faransanci: abin da ya canza a karan ɗori, da abin da bai canza ba a kan *vingt* da *cent*

Ɗalibai biyu a Maraɗi ko Garwa suna iya buɗe littattafan Faransanci biyu, ɗaya ya ga an rubuta 221 a matsayin *deux cent vingt et un*, ɗayan ya ga *deux-cent-vingt-et-un*. Kowane littafi daga Faransa ya fito, kuma babu kuskuren ɗab'i a cikinsu. Daga nan ake fara gardama a aji da ofis da gaban kantar banki: wai an soke tsohuwar ƙa'ida, wai ma an daina sa harafin *s* a ƙarshen *quatre-vingts*. Gyara an yi, amma iyakarsa karan ɗori, wato ɗan layin da ke haɗa kalmomi biyu. Ƙa'idar *s* tana nan yadda take. Ko a Nijar, inda kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki, saboda haka cek da takardar kuɗin kaya da yarjejeniyar haya har yanzu da waɗannan kalmomi ake cika su.

## Yadda aka gina lambobin

Daga 1 zuwa 16 kowace lamba da kalmarta guda. Daga 17 ake fara haɗi: *dix-sept*, goma da bakwai. Gomomi kuma suna tafiya daidai har 60: *vingt*, *trente*, *quarante*, *cinquante*, *soixante*. A nan hanya ta karkace. Faransancin Faransa, wanda shi ake koyarwa a Nijar da Kamaru da Chadi, ba shi da kalma ɗaya ta saba'in ko tamanin ko casa'in. Saba'in ita ce *soixante-dix*, sittin da goma, kuma ana ci gaba da ƙirgawa a kan sittin ɗin har *soixante-dix-neuf*, 79. Tamanin ita ce *quatre-vingts*, ashirin sau huɗu. Casa'in kuwa *quatre-vingt-dix*, ashirin sau huɗu da goma. Mai rubuta 97 sai ya jera kalmomi huɗu, *quatre-vingt-dix-sept*, a ciki akwai ninki ɗaya da tarawa biyu.

Bambancin ninki da tarawa shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. A *soixante-dix* tarawa aka yi, 60 da 10. A *quatre-vingts* ninkawa aka yi, 20 sau 4. A *cent vingt* tarawa ce, 100 da 20, ba ashirin sau ɗari ba.

Akwai kuma 'yar kalmar *et*, wato "da". Ana sa ta a 21, 31, 41, 51, 61 da 71 kaɗai: *vingt et un*, *soixante et onze*. Ba ta shiga 81 da 91, waɗanda ake rubutawa *quatre-vingt-un* da *quatre-vingt-onze*, haka nan ba ta shiga 101, *cent un*.

## Daga ina ƙirgen ashirin-ashirin ya fito

A ƙarnonin tsakiya Faransawa suna ƙirge iri biyu a lokaci guda. Akwai na gomomi wanda aka gada daga Latin, mai *septante* ta saba'in, *huitante* ko *octante* ta tamanin, da *nonante* ta casa'in. Akwai kuma na ashirin-ashirin, wanda bai tsaya a tamanin ba: ana cewa *six-vingts* a nufi 120. Shaidar da ta rage a fili ita ce asibitin Quinze-Vingts da ke birnin Paris, wanda Sarki Louis na tara ya kafa wajen 1260 domin makafi 300, wato ashirin sau goma sha biyar. Har yau da sunan ake kiransa, kuma asibitin ido ne.

Masana ba su haɗu a kan asalin wannan ƙirge ba. Wasu na danganta shi da harshen mutanen Gaul da suka zauna ƙasar kafin Rumawa, suna kafa hujja da cewa harsunan dangin Selt irin su Biriton da Welsh suna ƙirga ashirin-ashirin. Wasu na cewa hujjar ba ta isa ba, domin harshen Bask da na Denmark ma suna yin haka, kuma mutane a wurare da yawa sun kai ga ashirin ta hanyar yatsun hannu da na ƙafa. Bahaushe ma ya san wannan hanya: a zamanin wuri ana kiran ashirin *hauya*, a ce hauya uku a nufi sittin, kafin ashirin da talatin da sittin na Larabci su mamaye bakin mutane.

A ƙarni na 17 ne masu tsara harshe a Paris suka karkata ga abin da ake faɗa a fada. Masanin nahawu Vaugelas, a littafinsa na 1647, ya fifita *soixante-dix* da *quatre-vingts* da *quatre-vingt-dix*, kuma su suka zauna a makarantun Faransa. Wuraren da ba su ƙarƙashin Paris suka riƙe nasu. Beljiyam tana cewa *septante* da *nonante* amma ta bar *quatre-vingts*, kuma haka ta koyar a Kongo Kinshasa da Ruwanda da Burundi. A Suwizalan ma *septante* da *nonante* ake faɗa, wasu yankuna kamar Vaud su ƙara da *huitante*. Duk wanda ya yi ciniki da ɗan Kongo ya ji *nonante*, ba kuskure ya ji ba. Sai dai a jarrabawar Yamai ko Njamena *quatre-vingt-dix* ake sa ran gani.

## Karan ɗori: ƙa'ida biyu, duka halas

Tsohuwar ƙa'ida tana cewa a sa karan ɗori tsakanin kalmomin da suka haɗu suka ba da lambar da ba ta kai ɗari ba, sai fa in *et* ce ta haɗa su, to ita ta tsaya a madadinsa. Saboda haka *trente-deux* da *quatre-vingt-dix-sept* suna da shi, *trente et un* ba ta da shi. *Cent* da *mille* kuwa ba a ɗora su da komai, gaba ko baya. Lamba 2,345 takan fito haka: *deux mille trois cent quarante-cinq*, karan ɗori ɗaya tak, a wutsiya.

Sabuwar ta fito ne daga gyare-gyaren rubutu da majalisar ƙoli ta harshen Faransanci ta shirya a zamanin firaminista Michel Rocard. Cibiyar Académie française ta amince da su, aka buga su a jaridar gwamnatin Faransa ranar 6 ga Disamba 1990. A kan lambobi abin da suka ce gajere ne: a haɗa dukkan kalmomin lamba da karan ɗori, ta kai ɗari ko ba ta kai ba, da *et* ko babu. Sai 2,345 ta koma *deux-mille-trois-cent-quarante-cinq*, 31 kuma *trente-et-un*.

Gyaran bai zo da tilas ba. An ce tsohon rubutu da sabo duka daidai ne, kada a ci wa ɗalibi maki a kan ko wanne. Shi ya sa aka shafe shekaru ba a ji ɗuriyarsa sosai ba, sai a 2016 da kamfanonin buga littattafan makaranta na Faransa suka shigar da shi cikin littattafansu gaba ɗaya, hayaniya ta tashi kamar a shekarar aka ƙirƙiro shi. Tun daga nan littattafai iri biyu suke yawo, kuma malamin da ya yi karatu da tsohuwar ƙa'ida yana iya tarar da sabuwa a littafin da ke hannun ɗalibinsa.

Masu goyon bayan gyaran suna da hujja biyu. Ta farko sauƙi: yaro ba sai ya tsaya yana auna ko wannan yanki ya kai ɗari ba. Ta biyu ita ce raba ma'ana. A sabon tsari *soixante-et-un tiers* na nufin sulusi guda 61, *soixante et un tiers* kuma na nufin 60 da sulusi ɗaya, alhali a tsohon tsari rubutunsu ɗaya ne. Masu suka kuma suna cewa doguwar lamba ta zama igiya mai wuyar karantawa, tunda ido ba ya ganin inda dubbai suka ƙare ɗaruruwa suka fara, sannan halatta rubutu biyu ya ƙara ruɗani maimakon rage shi. Kowane ɓangare na da abin kamawa, ko da yake misalin sulusin ba kasafai yake tasowa a rayuwar yau da kullum ba, sauƙin koyarwa ne ya fi nauyi a hujjar masu goyon baya.

Wuri ɗaya ya rage da saɓani ko a tsakanin masu bin sabon tsari, wato *million* da *milliard*. Wasu na barin su ba karan ɗori saboda sunaye ne, su rubuta *deux millions trois-cent-mille*. Wasu na ɗora su da sauran, *deux-millions-trois-cent-mille*. Ana samun duka biyun a littattafan nahawu.

## Harafin *s*: tambaya biyu ake yi

Lambobin Faransanci ba sa ɗaukar alamar jam'i. Ba a rubuta *quatres* ko *huits* ko da abin da ake ƙirgawa ya kai nawa. *Vingt* da *cent* ne kawai suka fita daban, domin asalinsu ana ɗaukar su kamar ƙunshi ne da ake iya ƙirgawa: ashirin huɗu, ɗari uku. Kafin a sa musu *s* sai an amsa tambaya biyu, kuma dole amsar ta zama "e" a duka.

Tambayar farko: an ninka kalmar? Wato lambar da ke gabanta tana faɗin sau nawa ne? A *deux cents* an ninka, ɗari sau biyu. A *mille cent*, 1,100, ba a ninka ba, dubu ce da ɗari ɗaya, saboda haka babu *s*. Haka *cent vingt*, 120, da *trois mille vingt*, 3,020. Ita *vingt* a Faransancin yau wuri ɗaya kaɗai ake ninka ta, bayan *quatre*.

Tambaya ta biyu: ita ce ta rufe lambar? In wata kalmar lamba ta biyo bayanta, *s* ya faɗi. Ana rubuta *quatre-vingts* amma *quatre-vingt-trois*, ana rubuta *cinq cents* amma *cinq cent douze*.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne gaban *mille* da *million*, domin a ido kamar jinsinsu ɗaya, a nahawu kuwa ba haka ba ne. *Mille* kalmar lamba ce kamar *trois* ko *douze*. Ita kanta ba ta taɓa ɗaukar *s*, kuma tana kayar da na wanda ya gabace ta: *quatre-vingt mille*, *trois cent mille*. *Million* da *milliard* da *millier* kuwa sunaye ne, matsayinsu ɗaya da *francs* ko *sacs*. Suna ɗaukar nasu *s* in sun kai biyu, kuma ba sa hana *vingt* da *cent* nasu: *quatre-vingts millions*, *trois cents milliards*. Kasancewarsu sunaye ne ma ya sa ake cewa *un million* alhali ba a cewa *un mille* ko *un cent*, kuma ya sa *de* take shiga in su suka rufe adadin: *deux millions de francs*, amma *deux millions cinq cent mille francs*.

Akwai togiya guda. In lambar matsayi take nunawa ba yawa ba, babu *s* ko an cika sharuɗɗan biyu. Shafi na 80 shi ne *page quatre-vingt*, ɗaki mai lamba 200 *chambre deux cent*, shekarun 1980 *les années quatre-vingt*. Littafi mai shafi 80 kuwa *quatre-vingts pages* ne, tunda a nan ƙirga shafukan aka yi.

Kunne yana taimakawa a wasu wurare. In kalmar da ta biyo baya da wasali ta fara, ana jin wannan *s* a baki da sautin "z". Mai cewa *quatre-vingts ans* ko *deux cents ans* zai ji "zan" a ƙarshe, mai cewa *cent ans* ko *vingt ans* kuwa "tan" zai ji. Wanda ya yi shakka a kan adadin kuɗi yana iya cire *francs* ya sa *ans* a zuciyarsa, ya saurari abin da bakinsa ya fitar, muddin ya saba da furucin.

A Faransa akwai wani umarnin ministan ilimi René Haby na 28 ga Disamba 1976 da ya ce kada a ɗauki *s* a kan *vingt* da *cent* a matsayin kuskure a jarrabawa ko da wata lamba ta biyo baya. Sassauci ne ga masu duba takardun jarrabawar Faransa, bai sauya abin da littattafan nahawu suke koyarwa ba, kuma bai ɗaure malamin wata ƙasa ba.

## Cek na sefa 480,280

A ɗauka ɗan kasuwa zai biya kuɗin kaya sefa 480,280. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yanka adadin a wurin dubu, a yi kowane ɓangare daban: 480 a hagu, 280 a dama, *mille* a tsakiya.

Ɓangaren hagu ya fara da ɗari huɗu. An ninka *cent*, amma tamanin na biye da ita, saboda haka *quatre cent*, ba *s*. Sai tamanin ɗin: an ninka *vingt*, amma *mille* na biye, ita ma kalmar lamba ce, sai a rubuta *quatre-vingt*. *Mille* tana nan yadda take. A dama, ɗari biyu tana da lamba a bayanta, *deux cent*. Tamanin ta ƙarshe an ninka ta, kuma abin da ke bayanta *francs* ne, suna, don haka ita kaɗai ta samu *s*.

A tsohon tsari: *quatre cent quatre-vingt mille deux cent quatre-vingts francs*.

A sabon tsari: *quatre-cent-quatre-vingt-mille-deux-cent-quatre-vingts francs*.

Haruffan ba su bambanta ko ɗaya ba tsakanin layukan biyu, kuma a duka biyun ba a ɗora *francs* da lambar. Da kuɗin 480,200 ne, *s* ya koma kan ɗari: *deux cents francs*. Da 480,120 ne, wutsiyar ta zama *cent vingt francs*, ba *s* ko ɗaya a cikin lambar, domin a wutsiyar ba a ninka ko wacce ba. Da kuma kwangila ce ta miliyan 280, sai a rubuta *deux cent quatre-vingts millions de francs*: *cent* ta rasa nata saboda tamanin na biye, *vingt* ta riƙe nata saboda *millions* suna ne.

## Abin da ya shafi mai cek, ɗalibi da mai karɓar lambar waya

A banki, rashin *s* ko karan ɗori ba ya ɓata cek matuƙar adadin a bayyane yake. Abin da ke da haɗari shi ne saɓani tsakanin alƙaluma da kalmomi. Ƙa'idar da ta samo asali daga yarjejeniyar Janeba ta 1931 a kan cek, wadda Faransa da ƙasashen sefa suke bi, ita ce in biyun suka saɓa, adadin da aka rubuta da kalmomi shi ake ɗauka. Wanda ya sa 90,000 a akwatin alƙaluma amma ya manta *dix* ya rubuta *quatre-vingt mille*, a idon doka 80,000 ya bayar, in ma ma'aikacin banki bai mayar masa da takardar ba. Haka abin yake da muhimmanci a ƙasan takardar kuɗin kaya, inda ake rufewa da *arrêtée la présente facture à la somme de* sannan a rubuta jimla da kalmomi.

Ga mai ƙirga kuɗi da Hausa a ƙasashen sefa akwai ƙarin mataki kafin ma a kai ga nahawu. A kasuwa da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kaya ya ce dala tamanin, abin da za a rubuta *quatre cents francs* ne, 400, da *s* a kan *cent*, ba *quatre-vingts* ba. In ya ce jika tamanin, 80,000 ke nan, *quatre-vingt mille francs*, ba *s* a kan *vingt*. Mai rubuta wa mutane takardu a bakin kasuwa ya fi samun matsala a wannan juyi fiye da karan ɗori, kuma hanyar kauce masa ita ce a fara sa adadin da alƙaluma, mai kuɗin ya gani ya yarda, sannan a juya shi zuwa kalmomi.

A makaranta nauyin ya bambanta. A shifta, *s* da ya ɓace ko ya yi yawa kuskure ne a tsohon tsari da sabo. Karan ɗori kuwa ya dangana da abin da malami da littafin ajin suke bi, kuma abin da ya fi jawo jan biro shi ne gauraya tsarin biyu a lamba ɗaya, kamar *deux-cent vingt et-un*, wanda ba ya cikin ko wanne. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya fi tsira in ya riƙe tsarin da malaminsa ya koyar daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Sakatarorin ofis ma su sani cewa manhajar duba rubutu a kwamfuta ana iya saita ta ta karɓi tsohon tsari ko sabo ko duka, saboda haka jan layin da ta yi a ƙarƙashin *vingt-et-un* ba hukunci ba ne.

Matsalar da rubutu ba ya magancewa ita ce ta baki. Lambobin waya a Nijar alƙaluma takwas ne, kuma bibbiyu ake karanta su. Mai saurare yana jin *soixante* sai hannunsa ya rubuta 6, sannan *quinze* ta biyo baya, ashe 75 ake nufi. *Quatre-vingt-dix-sept* kuma, in mai faɗa ya ɗan ja numfashi a tsakiya, tana iya zama 80 da 17 ko 97. A rubuce karan ɗori ya raba gardamar, tunda 97 a haɗe take duka, 80 da 17 kuwa akwai *s* da tazara a tsakaninsu. A waya babu wannan, shi ya sa masu tura kuɗi suke maimaita lambar alƙalami ɗaya-ɗaya, *neuf*, *sept*, kafin su danna aikawa.